Kwastoma ya ce mun rabu, littafi ya ce saura 165,600

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a duba mini wani lissafi, tun jiya ya hana ni sakat. Ni nake riƙe wa kawuna littafi a shagonsa na sabulu a kasuwar Singa. Ranar 3 ga wata wani kwastomanmu na Haɗeja ya ɗauki katan 200 na sabulun wanki bashi. Farashin katan naira 12,000 ne, jimla 2,400,000. Kawu ya yi masa ragin sari kashi 5 cikin 100, ya kuma ce in ya biya cikin kwana 10 zai ƙara sauke masa kashi 2, in ya wuce haka to kuɗi cif cikin kwana 30. Ranar 7 direba ya dawo da katan 20, ruwa ya shiga ta tamfol ya jiƙa su. Motar tamu ce, don haka kawu ya karɓa ba musu, ni kuma na rubuta masa kiredit not, wato takardar sauke masa bashi, na 240,000. Ranar 12 ya turo 1,994,400, ya kira kawu ya ce sun rabu. Amma a shafinsa da ke wurina saura 165,600. Kawu na tambayata wa ke da gaskiya, na kasa ba shi amsa.

Nura: Wa alaikumus salam. Anti Sadiya ai tun farko bai cancanci kashi 2 ɗin nan ba. Ragin kash na wanda ya kawo tsabar kuɗi a hannu ne. Shi kuwa taransifa ya yi. Ki ce ya cika.

Alhaji Sani Kwari: A'a Nura, ba haka ba ne. Sunan ne ya ruɗe ka. Ba ruwan ragin nan da yadda kuɗin suka zo, ko a buhu ko ta waya. Abin da ake saye da shi shi ne lokaci. Mutum yana da kwana 30, ka ce masa kawo mini cikin 10 in bar maka wani abu. Ya biya ranar 12, wa'adin ranar 13 ne, ya cika sharaɗi. Wannan kam haƙƙinsa ne.

Nura: To na gane Alhaji. Ni a wurina in mutum ya ba ni tsaba nakan sauke masa cajin na'ura, shi na ɗauka.

Malam Habibu Akanta: Sadiya, kafin a ce komai, faɗa mini abu ɗaya. Ranar 3 ga wata, nawa kika rubuta a shafin mutumin nan? Kuma nawa ne a ƙasan inbois ɗin da aka ba direba?

Sadiya: A shafinsa 2,400,000 na sa Malam. A inbois kuma an rubuta 2,400,000, aka cire 120,000, ƙasa aka sa 2,280,000. Na yi niyyar in shigar da ragin daga baya a shafin rangwame, in haɗa shi da na biya.

Malam Habibu Akanta: To nan gizo ya fara saƙa, ƙanwata. Ragin sari ba ya shiga littafi ko kaɗan. Wurinsa fuskar inbois kawai, daga nan ya mutu. Dalili kuwa, ba a taɓa sayar wa mutumin nan katan a 12,000 ba. Wannan farashin allo ne, na wanda zai ɗauki katan ɗaya ko biyu. Shi cinikin da aka yi da shi, aka ce Allah ya sa albarka, a kan 11,400 aka yi. Bai taɓa cin bashin 2,400,000 ba ko na minti ɗaya, saboda haka babu abin da za a yafe masa daga baya. Littafin ciniki 2,280,000 zai gani, shafinsa ma 2,280,000.

Ragin biya da wuri kuwa dabam ne. Ranar da aka loda kaya ba wanda ya san ko zai same shi, sai ranar da kuɗi suka shigo. Bashin 2,280,000 ya riga ya zauna a shafinsa, in za a sauke wani abu daga ciki dole a nuna inda ya tafi. Shi ya sa wannan yake da shafinsa a littafi, wancan ba shi da shi.

Bashir: Malam na yarda da wannan, haka aka koya mana. Amma a ganina kiredit not ɗinta daidai ne. Katan 20 sau 12,000 ai 240,000 ne. Ragin sari an riga an cire shi a dunƙule tun a inbois, ba sai an sake taɓa shi ba.

Malam Habibu Akanta: Bashir ka sake dubawa. Katan ɗin nan 20 nawa aka rubuta masa su bashi? 11,400 kowanne. In ya dawo da su, abin da aka ɗora masa shi za a sauke, wato 228,000. In ka sauke 240,000 ka sayi kayanka a hannunsa da tsada, ka ƙara masa 600 a kan kowane katan. Ka ƙaddara duka 200 ɗin ya dawo da su, aka rubuta a 12,000. Bashinsa 2,280,000, kiredit not 2,400,000. Sai ya zama shi ne ke bin shago bashin 120,000, alhali ko sabulu ɗaya bai saya ba.

Bashir: Kai, haka ne. Ban juya shi ta nan ba.

Malam Habibu Akanta: To ga yadda ya kamata shafin ya tafi. Kaya 2,280,000. A cire dawowar kaya 228,000, saura 2,052,000. Kashi 2 ɗin a kan wannan sauran ake lissafa shi, don ba a yi wa mutum ladan saurin biyan kayan da bai biya ba. Kashi 2 na 2,052,000 shi ne 41,040. Abin da ya kamata ya turo ke nan 2,010,960. Ya turo 1,994,400. Saura 16,560.

Shi kuma na ga yadda ya yi nasa. Ya ɗauki 2,280,000 ya cire 240,000 ɗin da kika ba shi a rubuce, sannan ya cire kashi 2 na kuɗin inbois gaba ɗaya, 45,600. In kin buga za ki ga 1,994,400 daidai. Ke nan 16,560 ɗin gida biyu ne: 12,000 daga kiredit not, 4,560 daga ragin da ya ɗauka a kan kayan da suka riga suka dawo sito.

Nura: Ku duba fa, ita ta ce 165,600, Malam ya ce 16,560. Ba sifili ɗaya ba ne kawai ya ƙaru a wurin rubutu?

Malam Habibu Akanta: Idonka da kyau Nura, amma ba kuskuren biro ba ne. 165,600 ɗin da take gani shi ne duk ragin da mutumin ya ɗauka, 120,000 na sari da 45,600 na biya, waɗanda ba ta shigar ba. Ya ɗauki ragi a kan katan 200, alhali 180 ne suka zauna a hannunsa. Kashi ɗaya cikin goma na kayan ya dawo, don haka kashi ɗaya cikin goma na ragin ba nasa ba ne. Shi ya sa lambobin suka yi kama. Da katan 30 ya dawo da su, da ba ka ga wannan kamar ba.

Sadiya: Alhamdu lillahi, yanzu na ga hanya. Amma Malam takardar 240,000 ɗin tana hannunsa, da sa hannuna da hatimin shago. Yaya zan yi da ita? In goge in gyara a kwafina?

Alhaji Sani Kwari: Kul, 'yata. Kada ki kuskura ki goge komai. Takardar da ta fita shago ta fita. In kwafinki ya ce 228 nasa ya ce 240, ranar da aka zauna gaban shugabannin kasuwa ke za a kalla, ba shi ba. Ki kira shi, ko kawunki ya kira shi, a gaya masa gaskiya cewa kuskure daga wurinku ne. Ya maido da waccan, ki ja mata layi biyu ki rubuta an soke, ki bar ta manne a cikin littafin, ki fitar da sabuwa mai sabuwar lamba.

Malam Habibu Akanta: Abin da Alhaji ya faɗa shi ne mafi tsafta. In kuma ya ce ya riga ya shigar da ita a nasa littafin, to a bar ta yadda take, ki rubuta masa debit not, wato takardar ƙara masa bashi, na 12,000, ki ambaci lambar waccan takardar a jiki da dalili. Ƙarshen lissafin ɗaya ne.

Gyaran littafinki kuma kada ki yi shi da gogewa shi ma. Layi biyu za ki ƙara, kowanne da kwanan wata da bayani. Na farko ki sauke 120,000 daga ciniki da kuma shafinsa, ki rubuta cewa gyaran inbois mai lamba kaza ne. Na biyu ki rage dawowar kaya da 12,000 ki mayar masa da shi a shafinsa. Sannan ki shigar da ragin biya 41,040. In kin gama, shafin da kansa zai tsaya a kan 16,560. In bai tsaya a nan ba, akwai layin da ya tafi ɓangaren da ba nasa ba.

Sadiya: Ragin biyan a ina zan sa shi? Littafin kuɗina layi biyu ne da shi, tsaba da banki.

Malam Habibu Akanta: Ki nemi mai layi uku, masu sayar da littattafan ofis suna da shi, ko ki ja layi na uku da rula. A ɓangaren hagu inda kuɗi ke shigowa, layin banki ki sa abin da ya shigo da gaske, 1,994,400, don shi ne zai yi daidai da takardar banki. A layin rangwame kusa da shi ki sa 41,040. Duka biyun su tafi ɓangaren dama na shafin kwastoma. Abu ɗaya da mutane ke yawan ɓatawa: layin rangwame ba kuɗi ba ne, ba a haɗa na hagu da na dama a fitar da saura kamar yadda ake yi wa banki. Ƙarshen wata ki tara na hagu shi kaɗai ki kai shafin ragin da muka bayar, ki tara na dama shi kaɗai ki kai shafin ragin da aka yi mana.

Dawowar kaya ma ki ba ta littafinta. Kada ki riƙa cire ta a ɓoye daga cikin ciniki. In tana da wurinta, ƙarshen wata kawu zai iya gani da idonsa cewa kaya na kaza suka dawo, daga wa, a motar wa. In an narkar da ita cikin ciniki, tamfol ɗin nan zai yi ta yoyo shekara guda ba wanda ya lura.

Hajiya Rabi Maraɗi: Sannunku da aiki. Ina bin ku tun ɗazu. Mu nan takardar da kuke kira kiredit not, abuwar muke ce mata, a samanta ake buga `AVOIR` da manyan baƙaƙe. Ƙa'idar ɗaya ce, ragin da aka yi a kan faktir, wato inbois, ba a shigar da shi, abin da ya rage ake rubutawa. Ragin biya da wuri kuwa a tsarin lissafin OHADA da muke bi a nan Nijar lambarsa dabam, 673 in kai ka bayar, 773 in kai aka yi wa, kuma cikin harkar kuɗi ake lissafa shi kusa da ruwan banki, ba cikin ciniki ba. Amma ga tambayata. Ni kamfanin da nake sarin madara wurinsu sai ƙarshen shekara suke duba yawan abin da na ɗauka su yi mini ragi. Wannan ai na sari ne, kuma ba ya kan faktir ko ɗaya. Shi ma ba za a rubuta ba?

Malam Habibu Akanta: Hajiya wannan dole a rubuta shi. Abin da ya sa na kan inbois ba ya shiga littafi shi ne an cire shi kafin bashi ya zauna. Naki ya zo bayan an riga an rubuta cikakken kuɗi wata da watanni, saboda haka sai da takarda za a sauke shi. Za su ba ki abuwar ɗin, ko da ba katan ɗaya da ya koma. A littafinki ya rage kuɗin sayen kaya, kada ki kai shi wurin ragin biya, don ba saurin biya ya jawo shi ba, yawan saye ne. Wannan ma ya nuna ba kowace kiredit not ce ke nufin kaya sun dawo ba. Akwai ta kuskuren farashi, akwai ta kayan da suka ɗan lalace mutum ya ce zai riƙe in an sauke masa. Shi ya sa layin dalili a jikin takardar ba ado ba ne.

Alhaji Sani Kwari: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya same ni, don Sadiya ta ji. Shekarun baya ina da yaro a shago, shi ke karɓo kuɗi wurin masu ɗaukar atamfa bashi, shi ne kuma ke riƙe da littafin dawowar kaya. Na yarda da shi ƙwarai. Ashe in ya karɓo kuɗin turmi goma, sai ya kawo na takwas, ya rubuta cewa turmi biyu sun dawo wai suna da tabo. Shafin kwastoma ya rufe lafiya lau, kwastoma bai san komai ba don shi ya biya duka, ni ma ina ganin lissafi ya daidaita. Wata bakwai ana haka. Abin da ya tona shi, wata Hajiya daga Gusau ta zo da kanta, na ce mata Hajiya ki yi haƙuri da kayan da suke ta dawo miki da su. Ta dube ni ta ce, Alhaji ni yaushe na taɓa dawo maka da ko ƙyalle? Na shiga sito na ƙirga, turamen da littafi ya ce sun dawo babu ko ɗaya a kan kanta.

Tun daga ranar na kafa doka uku. Mai karɓar kuɗi ba ya taɓa littafin kiredit not. Ba a rubuta ta sai mai sito ya ƙirga kayan ya sa hannu cewa sun shigo. Kuma ni ne mai sa hannun ƙarshe. Littafin ma na sa aka buga mini mai lamba a jere, kwafi uku: fari na kwastoma, ja na akanta, na ukun ya zauna a jikin littafin. In lamba ɗaya ta ɓace daga jeri, a ranar nake so in ji inda ta shiga.

Sadiya: Allah ya kyauta Baba. Mu a wurinmu ni ce mai rubutawa, ni ce mai duba alat, kawu kuma baki kawai yake faɗa mini.

Alhaji Sani Kwari: To ki roƙe shi ya riƙa sa hannu, don kare kanki. Ba zargi ba ne. Yau kuskuren 12,000 ne, kuma kowa ya ga kuskure ne. Gobe in ya fi haka, sa hannunsa ne zai tsaya miki.

Bashir: Malam Habibu, akwai abin da ya ɗaure mini kai. A sakandare an koya mana ragin biya da wuri kashe kuɗi ne, yana zuwa ƙasan ribar kaya tare da haya da albashi. Yanzu kuma malaminmu ya ce an daina haka, daga ciniki ake cire shi. Wanne ne daidai?

Malam Habibu Akanta: Malaminku bai yi kuskure ba, amma ka san wa yake magana a kai. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 15 da ta fara aiki a 2018 ta ce kamfani ya rubuta cinikinsa a kan abin da yake sa ran zai karɓa da gaske. In ya san kwastoma ya saba biya da wuri, tun ranar sayarwa zai rubuta ciniki da ragin a cire, in mutumin bai biya a kan lokaci ba sai a ƙara. Wannan na kamfanonin da ke fitar da rahoto a kan wannan ƙa'ida ne. Ribar ƙarshe ba ta canzawa ko ta wace hanya aka bi, ribar kaya ce ke ɗan motsawa. A shago irin na kawun Sadiya ni na fi son a bar shi a shafinsa a fili, don mai shago ya ga nawa saurin karɓar kuɗi yake ci masa a wata.

Bashir: Ni dai ina ganin gara a koyi sabon tun yanzu, tunda can za a je.

Malam Habibu Akanta: Ka koye shi don jarrabawa da aikin kamfani. Amma wanda zai yi hasashen wane kwastoma ne zai biya da wuri a Singa, sai ya shirya yin gyara kullum. Ban ce ka bar ra'ayinka ba.

Sadiya, tunda maganar ta zo, nawa kuke sayen katan ɗin daga kamfani?

Sadiya: 10,600 har zuwa shago.

Malam Habibu Akanta: To ki nuna wa kawu wannan. Ribarsa a katan 800 ce. Kashi 2 na 11,400 naira 228 ne. Ya ba da fiye da rubu'in ribarsa don kuɗi su zo da wuri da kwana 20 kacal. In aka auna shi da shekara, kamar mutum ne ya karɓi kuɗi a kan kusan kashi 37 cikin 100. Kashi 2 a baki ƙarami ne, a aljihu ba ƙarami ba ne.

Alhaji Sani Kwari: Nan kam ban bi ka duka ba Malam. Lissafinka daidai ne a takarda. Amma kuɗin da suka dawo ranar 12 ba kwanciya za su yi ba, mota za su sake lodawa. In ya juya su sau ɗaya cikin kwana 20 ɗin nan ya ci 800 a katan, ya ba da 228, wa ya yi asara? Kuma kwana 30 ɗin da kake lissafi da shi, a kasuwa sau nawa yake zama 30? Wani sai ya kai 60 kana bin sa da waya, farashin kamfani kuma ya tashi ka kasa mayar da kayan da ka sayar.

Malam Habibu Akanta: Na yarda, in akwai kayan da za a juya kuma suna tafiya. In kuɗin banki za su je su zauna, asara ce. Shi ya sa nake so ya gan shi a rubuce, ya yanke da kansa. Abin da ba na so shi ne wanda ya biya ranar 25 shi ma ya cire kashi 2 a yi shiru. Da zarar an bari sau biyu, ya zama farashi.

Hajiya Rabi Maraɗi: Wannan gaskiya ne, ya same ni. Kuma ku rubuta ranar da wa'adin zai cika ƙarara a jikin takarda. Kada a ce kwana 10 kawai. Wani daga ranar da kaya suka isa gare shi yake ƙirgawa, ke kina ƙirgawa daga ranar lodi.

Malam Iliyasu: Ku gafarce ni in sa baki ta wani ɓangare. Ragin sari ba magana a kansa, ciniki ne. Amma sauke wani abu daga bashi don a gaggauta biya, malamai sun daɗe da saninsa, suna kiransa da' wa ta'ajjal. Mafi yawansu, har da malamanmu na Malikiyya, sun hana. An ruwaito halascinsa daga Ibn Abbas, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta halatta shi, da sharaɗin ba a ƙulla shi tun farko ba kuma tsakanin mai bashi da wanda ake bi ne kawai. Na kawunki kuwa tun ranar lodi aka faɗa. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma ya kamata ya zauna da malaminsa a kai.

Alhaji Sani Kwari: Ni abin da nake yi, farashi biyu nake faɗa, na hannu da na bashi, mutum ya zaɓi ɗaya kafin ya tashi, a rubuta shi. In ya zaɓa an gama, ba sauran in ka yi kaza.

Malam Habibu Akanta: A littafi ma wannan ya fi sauƙi, don farashin da aka tsayar shi ne ciniki, babu layi na uku. Hukuncin kuwa na bar wa su Malam Iliyasu.

Nura: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Ba za a haɗa 5 da 2 a cire kashi 7 gaba ɗaya a huta ba?

Bashir: Ba zai fito daidai ba, don na biyun a kan abin da ya rage bayan na farko ake cire shi. Gwada wannan a Excel:

```
=(200-20)*12000*0.95*0.98
```

Zai ba ka 2,010,960. In ka cire kashi 7 kai tsaye 2,008,800 za ka samu, shago ya yi asarar 2,160.

Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Katan 20 ɗin suna nan a gefe, kwalayen sun yi laushi, sabulun wasu ya manne da takardarsa. Na mayar da su katin sito a 10,600 kamar sauran?

Malam Habibu Akanta: Ki shigar da su a kati don adadi ya cika, amma a layinsu dabam, ki rubuta jiƙaƙƙu. Darajarsu kuma ba 10,600 ba ce yanzu sai in za su sayu a haka ko sama. Ki tambayi kawu nawa masu sayen ɗaiɗai za su ba shi. In 6,000 ne, a 6,000 za su zauna ranar ƙirgar kaya, bambancin 4,600 a katan, wato 92,000, asarar wannan watan ce. Kin ga ta fi 16,560 ɗin da ake ta magana a kai nesa ba kusa ba. In kuma farashinku akwai harajin VAT a kai, kashi 7.5 ɗin nan, to kiredit not ita ma ta ɗauki nata harajin a layinsa, kada ku biya haraji a kan cinikin da aka warware.

Sadiya: To Malam. Zan duba inbois ɗin kamfani in ga yadda suke rubuta nasu in bi.

Sadiya: Na dawo da labari. Kawu ya kira shi da safe, na karanta masa lissafin layi-layi. Ya yarda da 12,000 ba gardama, ya ce shi ma ya ga takardar ta yi yawa amma ya ɗauka alheri ne aka yi masa saboda wahalar sauke kaya. Zai ba direba tsohuwar takardar ranar Laraba. 4,560 ɗin ne ya ƙi, ya ce kawu cewa ya yi kashi 2 na kuɗin kaya, bai ce na saura ba. Kawu ya ce a bar masa, shekara shida suna tare.

Alhaji Sani Kwari: Kawunki ya san mutanensa. Amma a inbois na gaba a rubuta cewa ragin a kan abin da ya rage ne bayan dawowar kaya.

Sadiya: In sha Allahu Baba. Malam Habibu, 4,560 ɗin da aka bar masa, in ƙara shi cikin sabuwar kiredit not ɗin ta zama 232,560?

Malam Habibu Akanta: A'a. Takardar ta tsaya a 228,000, don ta yi daidai da katan 20 ɗin da mai sito ya ƙirga. 4,560 ki kai shi shafin ragin da muka bayar, jimlar ragin mutumin ta zama 45,600, ki rubuta a gefe cewa da izinin kawu ne, ya sa hannu a wurin. In 12,000 ɗin ta shigo shafin zai rufe. Ki turo mini hotonsa in duba kafin ki ja layi.